Yadda asusun REIT ke bai wa mai ƙaramin jari rabo daga kuɗin hayar manyan gine-gine

Sayen gida domin a zuba 'yan haya na cikin hanyoyin adana dukiya da 'yan Najeriya suka fi amincewa da su, sai dai kuɗin da gida ɗaya ke ci a Abuja, Legas, Kano ko Fatakwal ya fi ƙarfin akasarin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. Ko wanda ya tara kuɗin ma bai huta ba, domin akwai neman takardar mallaka, da sa hannun gwamna wanda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta kafin a sauya wa fili mai shi, da la'adar dillali, da kuɗin lauya. Bayan an gama da waɗannan kuma sai bin bashin haya da gyaran rufi su biyo baya.

Akwai wata hanya a kasuwar hannayen jari da ke bai wa mutum damar cin moriyar kuɗin haya ba tare da ya mallaki ko ɗaki ɗaya da sunansa ba. Ita ce asusun haɗin gwiwa na zuba jari a gine-gine, wanda ake rubuta sunansa a taƙaice da REIT a allon kasuwa da kuma manhajojin dillalai. Mutane da yawa ne ke haɗa kuɗi, a sayi gine-ginen da ke kawo haya, a kasa mallakarsu zuwa ƙananan kaso masu daraja ɗaya, sannan a riƙa raba kuɗin hayar ga masu kason gwargwadon abin da kowa ya riƙe. Wanda ya so fita sai ya sayar da kasonsa ga wani a kasuwa, ginin kuwa yana nan inda yake, ɗan hayan da ke ciki ma ba zai san an yi ciniki ba.

Tsarin ya samo asali ne daga Amurka, inda Shugaba Dwight Eisenhower ya sa hannu a kan dokar da ta ba shi gurbi a shekarar 1960. Yarjejeniyar da aka gina shi a kanta mai sauƙi ce: gwamnati za ta ɗage wa asusun harajin kamfani a kan ribar da ya raba, shi kuma dole ya raba kusan duk abin da ya samu. A dokar Amurka ta yau, kason da za a raba bai gaza kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar da ake biya wa haraji ba. Wannan tilas ɗin ne ya bambanta asusun da kamfanin gine-gine na yau da kullum, wanda shugabanninsa ke iya riƙe ribar shekara su ce za su faɗaɗa harka da ita.

A Najeriya, Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2007 ce ta shimfiɗa wa irin wannan asusu ƙa'ida, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta Ƙasa, SEC. Dokar 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ita ce ta maye gurbinta. Asusu na farko shi ne Skye Shelter Fund, wanda aka kafa a 2007 da jarin Naira biliyan 2, kowane kaso a kan Naira 100, kuma yanzu ana kiran sa SFS REIT. Daga baya aka sami na Union Homes, sai UPDC REIT da ya zo a 2013 yana sayar da kaso ɗaya a kan Naira 10. Waɗannan uku su ne suka daɗe a allon Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya, NGX, kuma yawancin kadarorinsu gidajen kwana ne da ofisoshi a Legas, sai kaɗan a Abuja.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka hana harkar bunƙasa tsawon shekaru shi ne rashin tabbas kan haraji, domin ana fargabar a caji asusun a kan kuɗin haya, sannan a sake cazar mai kaso a kan rabonsa. Dokar Kuɗi ta 2019 ta yi maganin wannan ga kamfanonin da SEC ta amince da su, inda ta keɓe kuɗin haya da ribar hannun jari da suka karɓa a madadin masu jari daga harajin kamfani, bisa sharaɗin su raba aƙalla kashi 75 cikin 100 a cikin watanni 12 bayan ƙarshen shekarar kuɗi.

Su wane ne ke riƙe da dukiyar

Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce, idan sunansa ba ya kan takardar ginin, to sunan wa ke kai? An tsara asusun ne ta yadda hannu ɗaya ba zai riƙe komai ba. Akwai manajan asusu, wato kamfanin da ke zaɓar ginin da za a saya, ya nemi 'yan haya, ya sa a yi gyara, a biya shi lada daga dukiyar asusun. Akwai amintacce, wani kamfani daban wanda ke riƙe da kadarorin a madadin masu kaso, kuma aikinsa ne ya tabbatar manajan bai karkace daga takardar amanar da aka kafa asusun a kanta ba. Bankin ajiya yana tsare takardun mallaka da kuɗi, mai rajista yana riƙe da sunayen masu kaso kuma ta hannunsa rabo ke isa gare su, sai ƙwararrun masu ƙiyasta darajar gine-gine da ke faɗin abin da kadarorin za su yi a kasuwa.

Amfanin wannan rarrabawa yana bayyana ne a ranar da abu ya lalace. Idan kamfanin manajan ya durƙushe, gine-ginen ba nasa ba ne, don haka masu bin sa bashi ba su da hurumin taɓa su, kuma ana iya naɗa wani manaja ya ci gaba. Abin da tsarin ba ya karewa shi ne mummunan zaɓi. Manajan da ya sayi gini da tsada a unguwar da kamfanoni ke ƙaura daga cikinta bai karya wata doka ba, amma masu kaso ne za su ɗauki asarar.

Lissafin Naira 200,000

Hanyar da ta fi sauƙin fahimtar abin da ke isa aljihun mai kaso ita ce bin kuɗin daga hannun ɗan haya. A ɗauki misalin wani asusu na ƙage, mai jarin Naira biliyan 10, wanda aka kasa zuwa kaso biliyan 1, kowanne a kan Naira 10. An sayi gine-gine na Naira biliyan 9, an bar biliyan 1 a matsayin kuɗin hannu.

Da a ce kowane ɗaki da kowane ofis yana da ɗan haya, gine-ginen za su kawo Naira miliyan 720 a shekara. Amma da wuya gini ya cika maƙil kullum. Idan kashi 10 cikin 100 na wuraren babu kowa, abin da zai shigo miliyan 648 ne. Daga ciki za a cire kuɗin gyare-gyare, inshora, harajin ƙasa da ladan masu kula da ginin, a ce miliyan 148, saura miliyan 500. Kuɗin hannun da aka ajiye a takardun lamunin gwamnati ya kawo ƙarin miliyan 150, sai dai ladan manaja, amintacce, mai rajista da masu binciken kuɗi ya ci miliyan 150 ɗin. Abin da ya rage na rabawa ke nan miliyan 500. Idan asusun ya raba kashi 90 cikin 100, miliyan 450 za a kasa wa kaso biliyan 1, kowane kaso ya sami kwabo 45.

Malamar makarantar da ta zuba Naira 200,000 tun ranar farko tana da kaso 20,000, don haka rabonta na shekara Naira 9,000 ne. Idan aka cire harajin kashi 10 cikin 100 irin wanda aka saba cirewa daga ribar hannun jari, za ta ga Naira 8,100 a asusunta na banki. Kafin haraji, jarinta ya kawo mata kashi 4.5 cikin 100 ke nan. Ba ta bi kowa bashi ba, ba ta kira mai gyaran famfo ba, amma kuma ya kamata a lura cewa daga miliyan 720 da aka fara lissafi da su, miliyan 450 kawai suka isa hannun masu jari.

Yanzu a ce bayan wasu shekaru farashin kaso a kasuwa ya sauka zuwa Naira 5, alhali hayar ba ta canza ba. Wani ɗan kasuwa da ya shigo a lokacin da Naira 200,000 zai sami kaso 40,000, rabonsa ya zama Naira 18,000, wato kashi 9 cikin 100. Gini ɗaya ne, 'yan haya ɗaya ne, amma ya ninka malamar a samu saboda kawai farashin da ya saya. Ita kuwa idan larura ta sa ta sayar a wannan farashi, za ta karɓi Naira 100,000, ta yi asarar abin da sai ta shekara 11 tana karɓar rabo kafin ta mayar da shi. Wannan ba labarin ƙage ba ne kacokan, domin kason UPDC REIT da aka fara sayarwa Naira 10 a 2013 ya taɓa sauka ƙasa da rabin wannan farashi a kasuwar NGX.

Me ke karya farashi alhali ginin na tsaye

Babban dalili shi ne kuɗin ruwa. Mai kuɗi a hannu yana kwatanta abin da zai samu a wurare daban-daban. A shekarar 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa har zuwa kashi 27.5 cikin 100, takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya suka riƙa biyan sama da kashi 20. A irin wannan yanayi, wanda zai iya samun Naira 20 a kan kowace 100 daga gwamnati ba zai biya Naira 10 domin kwabo 45 ba. Zai saya ne kawai idan farashin ya sauko, ko kuma idan yana da yaƙinin cewa hayar za ta tashi nan gaba kaɗan.

Hauhawar farashi ita ce ta biyu, kuma tana da fuska biyu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta bayyana cewa hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024. Kuɗin siminti, dizal da gyaran na'urar hawa bene suna tashi nan take, yayin da yarjejeniyar hayar ofis kan ɗauki shekaru, ba a kuma sake farashinta sai wa'adi ya cika. Saboda haka ribar asusun kan matse a shekarar farko. Daga baya, idan aka sabunta yarjejeniyoyi, haya kan bi sahun tsadar rayuwa, darajar ginin ma ta ƙaru. A nan ne gini ya fi takardar lamuni, wadda abin da aka ba da shi za a mayar komai lalacewar darajar Naira. Amma wannan fifiko sai mai haƙurin shekaru ke ganin sa.

Na uku shi ne ƙarancin ciniki. Kason waɗannan asusu da yawa yana hannun manyan cibiyoyi da ba sa sayarwa, don haka akwai ranakun da abin da ke sauya hannu kaɗan ne ƙwarai. Mai kaso 20,000 zai iya samun mai saye ba da wahala ba. Mai miliyoyin kaso da ke gaggawa sai ya karya farashi, ko ya jira. Duk da haka, sayar da kaso ya fi sayar da gida sauri nesa ba kusa ba, kuma ana iya sayar da kwata a bar sauran, abin da mai gida ɗaya ba zai iya ba.

Abin da ake dubawa a rahoton shekara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ribar da aka sanar a matsayin kuɗin da za a raba. A koma ga asusun misali. Idan masu ƙiyasi suka ce gine-ginen Naira biliyan 9 yanzu sun kai biliyan 10.8, ƙa'idar lissafi ta yarda a rubuta ƙarin biliyan 1.8 a matsayin riba. Sai rahoto ya fito da ribar biliyan 2.3, kanun labarai su ce riba ta ninka fiye da sau huɗu. Amma kuɗin da ya shiga banki miliyan 500 ne kamar bara, rabon kuma kwabo 45 ne. Ƙarin darajar gaskiya ne a takarda, sai dai ba ya zama kuɗi sai ranar da aka sayar da ginin, kuma a farashin da mai saye ya yarda da shi. Don haka layin da ya fi muhimmanci a rahoton shi ne na kuɗin hayar da aka karɓa, da na kuɗin da harkar ta samar a zahiri, a kwatanta su da na shekaru uku ko huɗu da suka gabata.

Wannan ƙiyasin ne kuma ke samar da abin da ake kira darajar kadara ta kowane kaso, wadda rahotanni ke rubutawa NAV. A misalin, biliyan 10.8 na gini da biliyan 1 na kuɗin hannu sun sa kowane kaso ya kai Naira 11.80 a takarda. Idan kasuwa na sayar da shi Naira 5, to ko dai an sami araha, ko kuma kasuwa ba ta gamsu da ƙiyasin ba. Yadda ake ganewa shi ne a duba lokacin da asusun ya sayar da wani gininsa: ya samu kusa da abin da aka ƙiyasta, ko ƙasa da shi sosai?

Sai kuma yawan 'yan haya da irinsu. Asusun da ya dogara da kamfani ɗaya yana tsaye ne da ƙafa ɗaya. A ce ɗan haya guda ne ke biyan kwata na miliyan 648 ɗin nan, wato miliyan 162, sai ya tashi. Kuɗin gadi, inshora da ladan manaja ba za su ragu ba, don haka abin rabawa zai sauka daga miliyan 500 zuwa 338, kowane kaso ya sami kimanin kwabo 30. Hayar ta ragu da kwata, rabon ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Rahoto mai kyau yana nuna yawan wuraren da babu kowa, da lokacin da manyan yarjejeniyoyi za su ƙare, da bashin hayar da ba a biya ba. Idan bashin da ake bin 'yan haya yana ƙaruwa shekara bayan shekara fiye da yadda hayar ke ƙaruwa, alama ce ta cewa ana rubuta kuɗin da ba ya shigowa.

Batun kuɗin ruwa ga mai kiyaye Shari'a

Ga masu jarin da ke guje wa riba ta kuɗin ruwa, asalin harkar haya ce, wadda ba a saɓa a kan halaccinta ba. Inda ake bukatar bincike shi ne wurare uku: ko asusun yana ajiye kuɗin hannunsa a takardun lamuni masu kuɗin ruwa, ko ya ci bashi mai ruwa domin sayen gini, da kuma sana'ar 'yan hayar. A misalin da ya gabata, miliyan 150 daga takardun lamuni suka fito, kuma suna cikin abin da aka raba. Malesiya ta fitar da ƙa'idojin irin wannan asusu mai bin Shari'a a 2005, a shekarar 2006 kuma aka sa Al-'Aqar KPJ REIT, mai mallakar gine-ginen asibitoci, a kasuwar hannayen jarin ƙasar. Ƙa'idojin sun iyakance hayar da za a karɓa daga sana'o'in da ba su halatta ba, sun kuma wajabta naɗa masu ba da shawara kan Shari'a. Asusun da bai bayyana cewa yana bin irin wannan tsari ba, sai mai jari ya karanta rahotonsa da kansa, inda ake raba kuɗin haya da kuɗin ruwa a layuka daban-daban, ya kai wa malamin da ya san harkar.

Yadda ake saye

Ana sayen kaso ne ta hannun dillalin hannayen jari mai rajista da SEC, kuma da yawansu suna da manhajar waya. Dillalin zai nemi lambar BVN, katin shaida, hoto da shaidar adireshi, sannan ya buɗe wa mai saye asusu a CSCS, cibiyar da ke adana hannayen jari a na'ura, inda za a ba shi lambarsa ta CHN. Da zarar ya tura kuɗi, sai ya nemi sunan asusun a allo, ya faɗi yawan kason da yake so da iyakar farashin da zai biya. Sanya iyakar farashi na da muhimmanci a kasuwar da ciniki bai da yawa, domin umarnin saye a kowane farashi na iya cin karo da mai sayarwa ɗaya tilo da ya tsawwala. Akwai la'adar dillali da kuɗin hukumomi a lokacin saye da lokacin sayarwa, abin da ke sa yawan shiga da fita ya cinye ribar ƙaramin jari.

Mataki ɗaya da mutane ke mantawa shi ne cike takardar umarnin biyan rabo kai tsaye a banki, wadda ake miƙa wa mai rajista ko banki. Rashin yin hakan, da saɓanin rubutun suna tsakanin takardu, su ne suka tara biliyoyin Naira na ribar hannun jari da masu su ba su karɓa ba a Najeriya. Haka kuma rabo yana zuwa ne ga wanda sunansa ke cikin rajista a ranar da aka ayyana, don haka wanda ya saya bayan ranar sai zagaye na gaba.

A 'yan shekarun nan an sami masu tallata abin da suke kira haɗin gwiwar mallakar gida a shafukan sada zumunta, suna alkawarin riba tabbatacciya ta kashi 5 ko 10 cikin 100 a kowane wata. Lissafin da ya gabata ya isa nuna cewa haya ba ta haifar da haka, tun da ginin da ya cika maƙil ma kashi 8 cikin 100 ya kawo a shekara guda kafin a cire komai. Asusun gaskiya ba ya alkawarin adadi, yana da amintacce da bankin ajiya da ake iya kiran sunayensu, yana buga rahoton da aka bincika, kuma sunansa da na manajansa suna cikin jerin waɗanda SEC ta yi wa rajista, wanda kowa ke iya dubawa a shafin hukumar kafin ya tura kuɗi.